Kwana takwas ba bayan gida: labarin wani ɗalibin hostal da matakan warware taurin bayan gida lokacin jarrabawa

Mu ɗauki wani ɗalibi ɗan aji biyu a jami'a, yana kwana a ɗaki mai mutum shida, a hawa na biyu na hostal ɗin maza. Watan Afrilu ne, zafi ya kai intaha, ga jarrabawa takwas a gabansa cikin mako uku. Banɗakunan hawansu huɗu ne, biyu sun toshe, famfo kuma ba ya kawo ruwa sai an sauka ƙasa da bokiti.

Ranar Litinin da safe, bayan ya sha shayi da burodi, ya ji bayan gida ya taso masa. Ya leƙa, ya ga mutum biyar a layi, ga takarda ƙarfe tara. Ya matse, ya ɗauki biro ya fita. Kafin ya gama amsa tambaya ta biyu jin ya ɓace, shi ma ya manta. Talata haka, sai dai wannan karon jin bai kai na jiya ƙarfi ba. Daga Laraba bai sake jin komai ba, har ma ya ji daɗi, don yana ganin an rage masa wahalar ɗibar ruwa. Abincinsa a kwanakin nan indomi da ƙwai da dare, burodi da safe, farar shinkafa da ɗan mai da rana idan ya samu sarari. Ruwa kuwa leda biyu ko uku a yini, da gangan yake ragewa don kada fitsari ya riƙa tashinsa daga kan littafi. Yana zama a aji daga bayan isha'i har ƙarfe uku na dare, da goro a baki.

Ranar Juma'a ciki ya ɗaure kamar ganga. Abinci ya fita ransa, yana gyatsa, kai yana sara masa, karatu ba ya zama. Abokin kwanansa ya lura da yadda yake dafe mara, ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Tun jiya nake ganin kana juye-juye."

"Ba komai, abokina, gajiya ce. Bari dai a gama takardun nan."

Daren Asabar ya daure ya shiga bayi da fitilar waya, ya tsuguna kusan rabin awa yana yunƙuri har jijiyoyin wuya suka tashi. Abin da ya fito 'yan dunƙule uku ne masu tauri kamar kashin akuya, sai wani zafi kamar an tsaga shi da reza, da ɗigon jan jini a ruwan tsarki. Ya tsorata, amma kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Tun daga nan ya shiga tsoron banɗaki gaba ɗaya.

Lahadi da yamma sai ga wani ruwa-ruwa yana zubo masa ba tare da ya shirya ba, har ya ɓata wando. Ya ce ai gudawa ce, ya aika kemis aka sayo masa maganin tsayar da gudawa, ya haɗiye biyu. Litinin, kwana na takwas, yana tsakiyar jarrabawa ciki ya murɗa, zufa ta keto masa, ya miƙa takardarsa da tambaya biyu ba a taɓa ba. Abokin ne ya riƙe shi zuwa asibitin makaranta. Nas ɗin da ke aiki ta tambaye shi, "Ɗana, yaushe rabonka da bayan gida na sosai?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sista, yau kwana takwas."

Babu abu ɗaya a cikin wannan labari da ya faɗo daga sama. Kowace rana akwai ƙofar fita, kuma kowace ƙofa ta fi ta bayanta arha. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a cikin hanjinsa

Babban hanji tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi, kuma babban aikinsa tsotse ruwa daga ragowar abinci. Abin da ke shiga cikinsa ruwa-ruwa ne kamar kunu, yana tafiya a hankali ana janye ruwan, har ya iso ƙarshe ya zama kashi mai laushi. Hanjin ba ya daina tsotsa don kawai kashi ya daɗe a ciki. Duk kwanan da aka ƙara, ƙarin bushewa ne. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin matsalar.

Rabi na biyu yana can ƙarshen hanji, ɗan sashen da ke saman dubura. Idan kashi ya sauko nan, bangon wurin yana buɗewa, jijiyoyi su kai saƙo cewa lokaci ya yi. Idan mutum ya matse, bangon yakan saki ya karɓi kayan, saƙon ya lafa. Sau ɗaya ko biyu ba laifi, kowa yana yi. Amma idan aka maimaita kullum, wurin yana sabawa da cika, sai ya daina kira har sai kaya sun taru da yawa. Shirun da ɗalibinmu ya ji ranar Laraba ba sauƙi ba ne, ƙararrawar ce ta gaji da bugawa.

Sai fargabar jarrabawa. Idan hankali ya tashi, jiki yana karkata ƙarfinsa ga zuciya da tsoka, aikin hanji ya rikice. Wasu gudawa suke yi safiyar jarrabawa, wasu kuma cikinsu ya tsaya cik. Ka haɗa wannan da rashin barci, da zaman awa shida wuri ɗaya, da zufar Afrilu ba ruwan da zai maye gurbinta, da abincin da duk gari ne tatacce, za ka ga hanjin ba shi da abin turawa, ba shi kuma da ƙarfin turawar.

Ruwan da ya zubo ranar Lahadi shi ne wurin da mutane da yawa ke ruɗewa. Idan busasshen kashi ya toshe ƙofa, sabon da ke bayansa, wanda bai gama daskarewa ba, yakan silalo ta gefen toshiyar ya fito. A ido gudawa ce, a zahiri cushewa ce ta kai maƙura. Maganin tsayar da gudawa irin su loferamaid aikinsa rage motsin hanji, wato ya ƙara wa ƙofar sakata. Alamar da ke raba su a fili take: wanda ya yi kwanaki bai yi bayan gida ba, cikinsa a kumbure, sannan ɗan ruwa ya riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan ba tare da ya ji sauƙi ba, wannan ba gudawa yake yi ba.

Mataki na farko: tantance ko taurin bayan gida ne

Ba dole ne kowa ya yi bayan gida kullum ba. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk cikin lafiya ne, muddin yana fita da laushi ba da wahala ba. Ana cewa akwai matsala idan bai kai sau uku a mako ba, ko yana fita da tauri a dunƙule, ko sai an yi yunƙuri mai tsanani, ko an tashi ana jin da saura. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne al'adar jikinka. Idan ka saba kullum da safe, sai ga kwana biyu shiru, fara gyara a ranar ta biyu, kada ka jira ta biyar.

Kafin komai, duba abin da kake sha. Kodin da tiramadol suna kan gaba wajen tsayar da hanji, kuma akwai ɗaliban da ke shansu da sunan ƙarfin karatu ko maganin ciwon jiki. Ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe suna taurara bayan gida, su kuma mayar da shi baƙi. Wasu magungunan gyambon ciki na ruwa masu alminiyam, da magungunan mura masu sa barci, duk suna yi. Idan likita ne ya rubuta maka, kada ka daina da kanka, koma ka faɗa masa. Idan kai ka saya wa kanka, ajiye shi shi ne farkon magani.

Mataki na biyu: ware abin da ba na jira ba ne

Akwai alamomin da idan sun bayyana, ba maganar gwada wake ko maganin kemis ba ce, asibiti ake nufa a ranar, ko da takarda gobe. Ciki ya kumbura yana ciwo mai tsanani, ga amai, kuma ko tusa ba ta fita: wannan na iya zama toshewar hanji, shan maganin wankin ciki a kansa haɗari ne. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, yana ƙaruwa idan an yi tari ko an taka ƙasa, na iya zama afendis. Zazzaɓin da ya yi kwanaki yana hawa tare da ciwon kai da ɗaurewar ciki na iya zama taifod, don a manya taifod kan zo da rashin bayan gida, ba lallai gudawa ba. Haka kuma kashi baƙi ƙirin mai yauƙi kamar kwalta ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, ko jini da yawa gauraye da kashi, ko rama ba dalili. Ɗalibar da ke da juna biyu, ko take zargin tana da shi, ta tambayi ma'aikacin lafiya kafin ta sha kowane maganin sakin ciki.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ci gaba.

Mataki na uku: dawo da lokacin banɗaki

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne tasiri, kuma kyauta ne. Duk lokacin da abinci ya shiga ciki, babban hanji yana motsawa don ya ba sabon kaya wuri, kuma wannan motsi ya fi ƙarfi bayan karin kumallo. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a gwada shi ne cikin rabin awa bayan cin abincin safe. Matsalar hostal ita ce a daidai wannan lokacin kowa ke layi. Mafita ita ce ka matso da safiyarka gaba. Ɗebi ruwanka tun dare, bokiti da buta a cike a gefen gado. Bayan sallar asuba ka sha ruwan ɗumi kofi ɗaya ko biyu, ka ci wani abu ko da kunu ne da ƙosai, ka ɗan zaga, sannan ka shiga tun layi bai taru ba. Idan banɗakin hawanku ya fi ƙarfin shiga, nemo wani tun kafin jarrabawa ta fara, na tsangayarku ko na ɗakin karatu, ka san lokacin da ake buɗe shi da lokacin da ake wanke shi. Mun san ƙyamar banɗakin hostal gaskiya ce, ba shagwaɓa ba, musamman a ɓangaren mata, shi ya sa ake shirya mata dabara maimakon a yi kamar babu ita.

Yadda ake zama ma yana da muhimmanci. Masan tsuguno, wanda wasu ke rainawa, ya fi na zama sauƙaƙa fita, domin tsuguno yana miƙar da lanƙwasar da ke ƙarshen hanji. Idan na zama ne, ɗora ƙafafunka a kan bulo ko kifaffen ƙaramin bokiti yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu tsawo, ka ranƙwafa gaba, gwiwar hannu a kan cinya. Saki ciki ya fito waje, ka riƙa fitar da numfashi a hankali ta baki. Kada ka riƙe numfashi ka danna da dukkan ƙarfinka, wannan ne ke kumbura jijiyoyin dubura ya jawo basir, shi ne kuma ke tura busasshen kashi ya tsaga fata. Minti biyar zuwa goma sun isa. Idan bai zo ba, tashi, ka sake gwadawa bayan abincin rana ko gobe da safe. Bar waya da takardar karatu a ɗaki, su ne ke mayar da minti biyar rabin awa.

Idan kuma jin ya zo maka a wani lokaci daban, amsa shi cikin 'yan mintuna. Ko a zauren jarrabawa ana ba da izinin fita da rakiya. Minti bakwai da za ka rasa ba su kai tambaya biyu da ɗalibinmu ya bari ba.

Mataki na huɗu: ruwa da abinci, da adadi

Ledar fiya wata rabin lita ce. A lokacin sanyi leda huɗu a yini, wato lita biyu, ma'auni ne mai kyau ga baligi mai lafiya. A zafin Maris zuwa Mayu, a ɗaki ba fanka, kai shi biyar ko shida. Hanyar ganewa ita ce launin fitsari: idan ya yi fari-fari da ɗan rawaya, ruwa ya isa, idan ya yi ja kamar shayi, da saura. Don kada fitsari ya dame ka a zaure, sha mafi yawa da asuba da bayan an fito, ka rage a awa ɗaya kafin shiga. Mai azumi ya raba adadin tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ya kwankwaɗe shi lokaci guda. A sani cewa ruwa kaɗai ba ya warware cikin da ya riga ya cushe, amma idan babu shi, sauran matakan ba sa aiki.

Abu na biyu shi ne faiba, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, irin ɓawon wake, dusar hatsi, zaren ganye da tsokar 'ya'yan itace. Shi ke riƙe ruwa a cikin kashi, ya ba shi auki yadda hanji zai samu abin turawa. Baligi yana buƙatar kimanin giram 25 zuwa 30 a rana. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa bai kai giram 1 ba, ƙwai da nama ba su da shi sam. Kofi ɗaya na dafaffen wake kuwa ya haura giram 10. Ka ga ashe abincin ɗalibinmu na yini guda da ƙyar ya kai sulusin abin da ake buƙata, kuma kwano ɗaya na wake zai iya sauya lissafin.

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Mayar da farar shinkafa garau-garau, wake ya kusa rabi. Idan indomi ce dole, yanka kabeji da karas da albasa a ciki, ko ka zuba dafaffen zogale. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, alala, ɗanwake, faten wake, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, dankalin Hausa da ɓawonsa idan an wanke shi sosai, duk suna cikin abin da ake samu a bakin hostal. Na taunawa lokacin karatu, a maimakon biskit, ga gyaɗa, aya, dabino biyar ko shida, goba. Lemu a ci shi da tsokarsa, kada a tsotse a yar, don faiban yana cikin abin da ake yarwa. Gwanda da mangwaro nunannu suna taimakawa ƙwarai, kuma lokacin mangwaro ya zo daidai da lokacin zafi.

Akwai kuskure biyu a nan. Na farko, a tashi rana ɗaya a cika ciki da wake da kabeji bayan an yi wata ba a ci ba. Sakamakonsa iska da murɗa. Ƙara kwano ɗaya a rana, bayan kwana uku ka ƙara wani. Na biyu, a loda faiba a kan cikin da ya riga ya toshe kwana biyar ko shida. Wannan kamar ƙara kaya ne a bayan motar da ta maƙale a ƙofa. A irin wannan hali sai an fara buɗe ƙofar da magani.

Game da kofi, wato gahawa, gaskiyar ita ce kofi ɗaya da safe yana motsa hanjin mutane da yawa. Illarsa, shi da goro da lemon ƙara kuzari, tana zuwa ne idan sun maye gurbin ruwa da abinci da barci. Motsa jiki kuma bai buƙaci filin ƙwallo ba: tafiyar minti ashirin zuwa talatin a rana, ko da daga hostal zuwa aji ne maimakon hawa Keke, da miƙewa a zaga duk bayan awa ɗaya na karatu.

Mataki na biyar: magani, da lissafin jadawalin jarrabawa

Idan an kwana uku ba komai, ko an bi matakan sama kwana biyu ba canji, lokacin magani ya yi. Je asibitin makaranta ko wurin ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ka faɗi kwana nawa da abin da kake sha. Magungunan da aka fi samu iri uku ne, kuma bambancinsu na lokacin aiki shi ne abin da ɗalibi ya fi buƙatar sani.

Laktulos ruwa ne mai zaƙi da ke janyo ruwa cikin hanji ya tausasa kashi. Ma'aunin fara wa baligi mililita 15 sau biyu a rana, wato cokalin cin abinci ɗaya safe da yamma, tare da shan ruwa sosai. Ba ya gaggawa, yakan ɗauki har kwana biyu, kuma yana kawo iska a farko. Mutane kan sha sau ɗaya, su ga shiru, su ce ba ya aiki. Shi ne ya fi dacewa idan kashi ya yi tauri ko akwai tsaga a dubura.

Bisakodil ƙwaya ce da ke zaburar da hanji ya matsa. Baligi yana shan miligiram 5 zuwa 10 da dare, a fara da 5. Yana aiki bayan awa shida zuwa goma sha biyu, wani lokaci da murɗar ciki. Yi lissafi: wanda ya sha ƙarfe goma na dare, aikin zai iya zuwa ko'ina tsakanin huɗu na asuba da goma na safe. Idan takardarka ƙarfe tara ce, ka jefa kanka cikin matsala. Sha shi a daren da gobe ba ka da jarrabawa, ko takardar ta yamma ce. A haɗiye ƙwayar ɗungurungum, ba a tauna ta, kuma kada a sha madara ko maganin gyambon ciki awa ɗaya kafin ta ko bayanta, don suna narkar da rufinta tun a ciki ta jawo zafi. Ƙwayar sena ma haka take aiki, da dare, cikin awa takwas zuwa goma sha biyu. Waɗannan na 'yan kwanaki ne, kada a wuce kwana biyar ba tare da ganin likita ba.

Na uku shi ne na matsawa ta dubura, irin na giliserin. Yana aiki cikin minti goma sha biyar zuwa talatin, kuma shi ya dace idan ana jin kashin ya sauko bakin ƙofa ya ƙi fita. A wanke hannu, a cire ledar, a jiƙa bakinsa da ruwa, a kwanta ta gefen hagu da gwiwa a naɗe, a tura shi da yatsa ya shige sosai, a daure a riƙe minti goma sha biyar kafin a shiga bayi. Mutane suna jin nauyinsa, amma ga mai jarrabawa shi ne wanda aka fi iya sanin lokacin aikinsa.

Sai magungunan gargajiya. Jiƙon tsamiya yana sassauta ciki a hankali, ba laifi a sha kofi ɗaya. Filasko ɗan gidan su sena ne, yana aiki da gaske, matsalarsa ba a san ƙarfin abin da aka jiƙa ba, sai a nemi saki a samu zawo da murɗa da jiri ana gobe jarrabawa. Jiƙon kanwa, da haɗe-haɗen "wankin ciki" na cikin jarka da ake talla a tasha, da tura ruwan sabulu ta dubura, duk muna hana su kai tsaye. Ba a san abin da ke ciki ba, kuma suna iya ƙona hanji ko zubar da ruwan jiki da gishirinsa.

Idan an riga an kai inda ɗalibinmu ya kai

Kwana shida ko fiye, ciki a ɗaure, ruwa yana ɗiga: wannan aikin asibiti ne. Za a taɓa ciki, a saurare shi, mai yiwuwa a duba dubura da yatsa cikin safar hannu don a tabbatar ko kashi ya cushe a can. Duba ne na ƙasa da minti ɗaya, kuma kana da damar neman namiji ko mace ya yi maka. Yawanci akan fara da na matsawa ko ruwan magani da ake turawa ta dubura don buɗe ƙofa, sannan a ɗora mai tausasawa na kwanaki. Kada a daina shan mai tausasawar ranar da ciki ya saki. Ƙarshen hanjin da ya buɗe da yawa yana buƙatar lokaci kafin ya dawo da jinsa, idan aka tsaya da wuri sai a koma gidan jiya. A ci gaba yadda aka umarta, a rage a hankali bayan bayan gida ya daidaita.

Zafin reza da ɗigon jan jini na daren Asabar alamar tsagewar fatar dubura ce. Tana da mugun zagaye: zafi ya sa a ji tsoron bayi, tsoro ya sa a riƙe, riƙewa ta ƙara tauri, tauri ya sake buɗe tsagar. Ana karya zagayen ne da tausasa kashi na makonni, ba kwanaki ba. Bayan haka, a zauna cikin roba mai ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, minti goma zuwa goma sha biyar, sau biyu ko uku a rana, musamman bayan an fito bayi. A yi tsarki da ruwa a hankali, a bar goga da takarda. Don zafi a sha farasitamol, a nisanci duk mai kodin ko tiramadol. Yawancin irin wannan tsaga tana warkewa cikin 'yan makonni. Duk da haka, jinin dubura na farko a nuna wa ma'aikacin lafiya ya tabbatar daga ina yake, kada a yanke hukuncin "basir ne" a ɗaki a shiga shan jiƙe-jiƙe. Idan ya wuce mako shida bai warke ba, akwai man shafawa na musamman da likita ke rubutawa.

Da za a mayar da ɗalibin nan safiyar Litinin ta farko, abin da zai canza kaɗan ne. Bokitinsa a cike tun daren Lahadi. Ya tashi da asuba, ya sha ruwan ɗumi, ya ci kununsa, ya shiga bayi ƙarfe shida saura, kafin mutum biyar ɗin nan su farka. Da rana garau-garau da leda biyu na ruwa, da dare indominsa da kabeji, dabino a aljihu maimakon goro na uku. Idan duk da haka Laraba ta yi shiru, ya fara laktulos a ranar, cokali ɗaya safe da yamma. Idan har Juma'a ba labari, ya duba jadawali, ya ga Asabar ba takarda, ya sha bisakodil ɗaya a daren Juma'a, ko ya biya asibitin makaranta bayan an sauko daga masallaci.